Janareta na tashi lafiya, amma ina kunna kaya bireka ta faɗi

Sani: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakonku. Janaretana mai kilowat 5 ne, shekara guda da watanni ina amfani da shi ba wata matsala. Kwana huɗu ke nan da ya fara wani abu. Yana tashi bugu ɗaya, ƙararsa lafiya lau, agogon jikinsa na nuna 230. Na juya canjoba zuwa ɓangarensa, fitilu su kama. To da zarar an kunna dutsen guga ko butar lantarki, ko ƙiftawar ido ba a yi ba sai ka ji ƙas, birekar jikin janaretan ta faɗi. In na ɗaga ta, fitilu su dawo, a sake kunna gugar ta sake faɗuwa. Da wutar layi kuwa komai na aiki. Na rasa inda zan kama.

Murtala: Wa alaikumus salam. Malam Sani lodi ne ya yi masa yawa. Dutsen guga da buta su ne masu cinye wuta a gida. Ka rage kaya ka gani.

Sani: Malam Murtala ni ma nan na fara tunani. Jiya na bi gidan na kashe komai, na zare firji, na bar ƙwai uku kawai. Na kunna guga ita kaɗai, wat 1000 ce a rubuce a jikinta. Ta faɗi. Ga shi a da da firji da talabijin da fankoki duk suna kunne ake guga, bai taɓa yin haka ba.

Murtala: To birekar ce ta gaji. Suna sanyi in sun daɗe. Ka sa a canza maka, in da hali ma a sa wadda ta ɗan fi ta girma.

Ɗanjuma: Nawa ma ya yi min haka bara, ana kunna kaya sai ya mutu. Ashe kabureta ce ta toshe, ga man inji ya yi ƙasa. Ka duba mai, ka sa a wanke kabureta.

Baba Mai Waya: Ɗanjuma yarona, naka injin ne ke mutuwa. Na Sani injin na ci gaba da aiki, wutar ce ake yankewa. Ciwo biyu ne daban, kabureta ba ta da laifi a nan.

Sani, kafin ka sayi komai ka amsa min tambaya uku. Ta farko, a daidai lokacin da ta faɗi, kana jin injin ya yi nishi, ƙararsa ta sauka kamar an ɗora masa dutse, ko kuwa ƙarar ba ta ko motsa ba? Ta biyu, fitilun suna dusashewa tukuna ko tsaf suke ɗaukewa? Ta uku kuma, ka ɗauki tocila ka je ka karanto min duk abin da aka rubuta a fuskar birekar, kada ka bar ko harafi ɗaya. Ka duba ko akwai wani ɗan maɓalli a jikinta.

Sani: Baba na je na tsaya kusa da shi, na sa ƙanena ya kunna gugar. Wallahi ƙarar injin ba ta canza ba ko kaɗan. Fitilu ma ba sa dusashewa, ɗif kawai. A jikin birekar an rubuta C25, ƙasa da shi an rubuta 30mA, akwai ɗan maɓalli rawaya da aka rubuta TEST.

Baba Mai Waya: Madalla. Ka yi rabin aikin da wannan amsar.

Bari mu fara kawar da zancen lodi. Kilowat 5 a kan wuta 230, in ka raba, amfiya 22 ke nan ko kusa da haka. Gugarka mai wat 1000 amfiya huɗu da ɗan ɗoriya take ja. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin injin ke nan kawai. Sannan lodi in ya yi yawa ba ya kayar da bireka nan take. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da wuta ke bi ta jikinsa, sai ya yi zafi ya tanƙwara kafin ya saki. Zafi kuwa yana ɗaukar lokaci. Bireka mai 25 in ka ɗora mata 30 za ta iya daɗewa tana ɗauke da shi, in ka kai ta 36 ma ana iya shafe mintoci masu yawa kafin ta sauka. Wanda lodi ya yi wa yawa zai ce maka, ina cikin aiki bayan minti goma ko ashirin sai ta faɗi, na taɓa ta na ji ɗumi, na ɗaga ta ta ƙi tsayawa sai da ta huce. Kai ba haka ka faɗa ba.

Abin da ke jikin janaretanka ba bireka ɗaya ba ce, biyu ce a gida ɗaya. C25 ɗin nan mai tsaron lodi ce da haɗuwar waya. 30mA ɗin kuwa, wato miliamfiya 30, mai tsaron yoyon wuta ce, kuma miliamfiya dubu ke yin amfiya ɗaya. Ita ba ruwanta da yawan kayan da ka kunna. Aikinta ɗaya, tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. In abin da ya dawo ya gaza abin da ya fita da miliamfiya 30, wani lokaci ma ƙasa da haka, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Injin bai ma san an yi ba, shi ya sa ba ka ji ya yi nishi ba. Ina kyautata zaton ita ce ke faɗuwa.

Murtala: Baba ka yi haƙuri in tambaya. In ba lodi ba ne, me zai hana ya zama shot? Shot ai shi ne ke kayar da bireka nan take. Na taɓa ganin wayar guga ta cinye daga ciki, ana sokawa sai tartsatsi.

Baba Mai Waya: Tambayarka a kan hanya take, Murtala. A wutar layi haka ne, shot na zuwa da ƙara, fau, da tartsatsi da ƙaurin roba, bireka ta faɗi a take. Saboda taransifoma na iya turo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Bireka mai harafin C tana buƙatar ninki biyar zuwa goma na abin da aka rubuta mata kafin maganaɗisun cikinta ya fizge ta nan take. Ga mai 25, daga 125 zuwa 250 ke nan. Ƙaramin janareta da wuya ya iya riƙe wannan. In aka yi shot a kansa, sau da yawa abin da za ka gani shi ne injin ya yi gurnani kamar zai shaƙe, allurar agogo ta zube ƙasa, fitilu su yi ja su mutu, sannan bireka ta biyo baya. Ba a yin shot a ɓoye wa injin. Na Sani shiru ake yi.

Amma kada mu tsaya kan zato. Sani, ka kashe janaretan, ka zare wayar da ke kai wuta gida daga jikinsa gaba ɗaya. Ka tashe shi, ka kawo gugar da butar ka soka su kai tsaye a soket ɗin jikinsa. Ka kuma danna maɓallin TEST ka gani ko tana faɗuwa.

Sani: Na yi Baba. Guga ta yi zafi, ba ta faɗi ba. Na ƙara buta mai wat 2000 a ɗaya soket ɗin, ruwa ya tafasa, injin ya ɗan ƙara murya kawai. Na danna TEST ta faɗi, na ɗaga ta tsaya.

Baba Mai Waya: To janareta ya fita, bireka ta fita, guga da buta sun fita. Ciwon na tsakanin wayar da ka zare da cikin gidan.

Hajiya Rabi: Sallama gare ku. Ku yi min afuwa in shigo da tawa, don kusan iri ɗaya ce. Nawa ƙarami ne, kilowat biyu da rabi. Ina da firiza biyu da injin jan ruwa mai doki ɗaya. In wuta ta ɗauke muka tashi janareta muka juya, sai injin ya yi wani irin kuka, ƙwai su yi ja kamar garwashi, bayan daƙiƙa uku ko huɗu bireka ta faɗi. Wani lokaci kuma ya daure ya ɗauka. Shin ni ma yoyon wutar ne?

Injiniya Hauwa: Hajiya barka da yini. A'a, naki ba irin na Malam Sani ba ne, kin ma faɗi alamar da bakinki, injin na kuka fitilu na ja. Duk abin da ke da mota a ciki, firiza ko injin ruwa, a lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita. Injin ruwa mai doki ɗaya yana cin amfiya biyar zuwa shida yana gudu, amma a daƙiƙar farko yana iya neman kusan talatin. Janaretanki gaba ɗayansa amfiya goma sha ɗaya yake bayarwa. In shi kaɗai ne zai iya daurewa ya wuce wannan gaɓar. Amma in kin juya canjoba alhali su ukun duk suna kunne, tare suke neman tashi, wutar ta zube, in ta zube kuma motocin ba sa samun ƙarfin juyawa, sai su tsaya suna jan wuta har bireka ta yi zafi ta saki.

Ki gwada haka. Kafin a juya, a kashe su duka. A bar janareta ya yi minti biyu yana gudu ba kaya. A fara kunna injin ruwa, shi ne babba, a ji ya daidaita. Sai firiza ɗaya, a ɗan jira, sai ta biyu. Kuma firiza in wuta ta ɗauke mata tana cikin aiki, a ba ta minti biyar kafin a mayar mata, domin iskar gas ɗin cikinta na nan a matse, kwamfiresa ba ya iya turawa sai ta lafa.

Hajiya Rabi: Na gode Injiniya, Allah ya saka. Amma ko injin ruwan shi kaɗai wani lokaci sai ya yi ta gunji bai juya ba.

Injiniya Hauwa: To wannan a sa mai gyara ya auna kafasitarsa, ya kuma juya fankar bayansa da hannu, wuta a kashe, ya ji ko tana tafiya sumul. Kafasita mai rauni ko injin da ya cije duk suna sa shi gunji. In yana yi, a kashe da sauri, kada a bar shi, kwayil ne ke dahuwa. In duka biyun lafiya suke, to janaretan ne ya yi masa kaɗan a tashi.

Sani: Baba na dawo. Na mayar da wayar gida. Na je akwatin birekokin gida na sauke dukkansu, na riƙa ɗaga ɗaya bayan ɗaya don in kama layin da ke da matsala. Abin ya ƙara ruɗa ni. Na ɗaga ta falo kaɗai, na soka guga a falo, ta faɗi. Na sauke ta, na ɗaga ta kicin kaɗai, na soka a kicin, ta faɗi. Ɗakin kwana ma haka. Kenan duk layukan gidan sun lalace a rana ɗaya? Ƙwai uku ba sa kayar da ita. Fanka kuwa wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci ta faɗi.

Murtala: Ka gani ko. Kowane layi aka gwada sai ta faɗi, ai ba zai yiwu a ce duka sun lalace ba. Ni har yanzu ina zargin birekar nan ta cika saurin fushi.

Baba Mai Waya: Murtala, da saurin fushinta ne da ta faɗi lokacin da aka ɗora mata wat 3000 a jikin injin. Sani, abin da ya ruɗa ka shi ne ya warware min. Layukanka ba su lalace ba. Wuri ɗaya ne tak, kuma ba a layif yake ba, a nutural yake. Wani wuri a gidan nan nutural na taɓa wayar at, wato wayar kariya da ke zuwa sandar ƙasa, ko yana taɓa ƙarfen da ke haɗe da ita.

Ka saurara da kyau. Birekokin cikin akwatinka layif kaɗai suke yankewa. Nutural na kowane ɗaki kuwa duk a kan sanda ɗaya aka ɗaure su, ko ka sauke bireka ko ba ka sauke ba suna haɗe. To in nutural ɗin layi ɗaya ya taɓa at, duk gidan ya taɓa ke nan. Yanzu ka kunna guga a falo. Wuta ta fita ta layif, ta ratsa guga, ta dawo kan sandar nutural. A nan sai ta tarar da hanya biyu ta komawa janareta. Mafi yawanta ta bi nutural yadda ya kamata. Wani kaso kuma ya bi ta wurin da ya taɓa, ya shiga wayar at, ya koma jikin injin ta bayan gida, bai ratsa ta cikin birekar ba. Bireka ta ƙirga, ta ga an fita da kaza an dawo da ƙasa da haka, ta yanke.

Shi ya sa in ba kaya ba ta faɗuwa, don babu abin da ke dawowa balle ya rabu. Ƙwan zamani mai wat 9 abin da yake ja bai wuce miliamfiya arba'in ko sama kaɗan ba. Uku ma in kashi ɗaya cikin goma ya kauce, bai kai abin da zai tashe ta ba. Fanka na jan kusan ɗari uku, kashi goman nan ya kai bakin talatin, shi ya sa take yi maka yau e gobe a'a. Guga kuwa fiye da dubu huɗu take ja. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ya kauce ya wuce iyaka.

Sani: Allahu Akbar. Baba wallahi kamar kana gidan. To amma me ya sa da wutar layi ba ta yi?

Baba Mai Waya: Ka duba akwatin gidanka, akwai wata mai maɓallin TEST a ciki?

Sani: Babu ko ɗaya.

Baba Mai Waya: To shi ke nan. Da wutar layi ma ana yoyon, babu mai gadi ne kawai da zai gani.

Injiniya Hauwa: Baba ina tare da kai a kan nutural da at. Amma kafin a fara kwance wayoyin gida ni canjoba zan fara zarga. Na sha gani ana haɗa shi ya yanke layif kaɗai, a haɗe nutural na layi da na janareta da na gida wuri ɗaya. Nutural na layi kuwa dama an kafa shi a ƙasa tun daga taransifoma, wasu wuraren ma an haɗa shi da at a bakin mita. Wannan kaɗai ya isa ya ba da duk alamomin da Malam Sani ya lissafa. Malam Sani, an taɓa maka canjoba kwanan nan? An canza mita?

Sani: Ba a taɓa ko ɗaya ba, Injiniya. Yadda aka haɗa tun farko haka yake.

Baba Mai Waya: Maganarki daidai ce 'yata, kuma shi ne mafi sauƙin dubawa, a fara da shi. Abin da ya sa ban kawo shi gaba ba, ya ce ya yi shekara yana aiki. Da haɗin canjoba ne da tun ranar farko zai faɗi. Wani abu ne ya canza kwana huɗu da suka wuce.

Sani, daga nan ba aikinka ba ne kai kaɗai, ka kira mai gyaran wuta da ke da mitar gwaji. Ga abin da zai yi. A kashe janareta a zare wayarsa. A yanke wutar layi daga babban makunni, a gwada a tabbatar babu wuta a akwatin, don tana iya dawowa hannu na ciki. A zare duk abin da ke soke a soket. Canjoba na ɓangaren janareta, ya auna tsakanin sandar nutural da sandar at. Bai kamata mita ta ga hanya ba ko kaɗan. In ta yi ƙara ko ta nuna om ɗaya ko biyu, an tabbatar. Sai ya buɗe canjoba ya ga ko waya biyu yake yankewa. In nan lafiya, ya dawo akwati ya riƙa kwance nutural ɗaya bayan ɗaya daga kan sanda, yana kallon mita. Wanda ya cire ƙarar ta tsaya, shi ne ɓarawon. Ya sa wa kowace waya alama kafin ya cire.

Ɗanjuma: Ni dai a ganina wahalar ta yi yawa. Tunda da wutar layi komai na aiki, a cire wayar at ɗin da ke zuwa janareta kawai, ko a sa bireka marar wannan maɓallin. Wani maƙwabcina haka aka yi masa, har yau lafiya.

Injiniya Hauwa: Malam Ɗanjuma don Allah kada ka ba kowa wannan shawarar. In an yi haka faɗuwar za ta iya tsayawa, amma wayar da ta ji ciwo tana nan inda take. Yau nutural ne robarsa ta yanke. Abin da ya yanke ta yana iya kaiwa ga layif da ke kwance kusa da ita. Ranar da hakan ta faru, jikin ƙarfen na'urar zai ɗauki wuta, kuma abu ɗaya da zai yanke kafin ta kama mai taɓawa shi ne wanda ka ce a cire. An zaɓi miliamfiya 30 ne saboda jikin mutum. Bireka mai 25 ba za ta san wuta na bi ta jikin yaro ba, don abin da ke kashe mutum bai kai ko amfiya ɗaya ba.

Murtala: A nan kam ina bayan Injiniya. Ni ma na janye maganar sa babbar bireka.

Sani: Jama'a ga yadda aka yi. Mai gyara ya zo da safe. Ya auna nutural da at, mita ta yi ƙara, ta nuna ƙasa da om biyu. Ya buɗe canjoba, waya biyu yake yankewa, lafiya lau. Ya fara cire nutural. Na falo, ƙara na nan. Na kicin, na nan. Na ɗakuna, na nan. Da ya cire na biyar sai shiru. Muka bi shi, ashe na injin jan ruwa ne da ke bayan gida. Ni kuwa tun ranar farko na cire shi daga lissafi, don makunninsa a kashe yake, birekarsa ma a sauke.

Da muka buɗe ɗan akwatin ƙarfen da wayoyinsa ke haɗuwa, sai ga shuɗiyar wayar a matse ƙarƙashin murfi, sukurun murfin ya huda robarta ya zauna a kan tagullar. Har ga ɗan zanen haƙoran sukurun a jiki. Sai a lokacin na tuna, ranar Asabar an zo an gyara min bututun da ke ɗiga a wurin, an buɗe akwatin don a matsar da shi, aka mayar aka ɗaure. Ban kawo shi a raina ba sam, tunda aikin ruwa ne ba na wuta ba.

Ya yanke wurin, ya sake haɗawa, ya kwantar da wayoyin nesa da sukuru. Muka tashi janareta, guga da buta da firji duk a tare, ba ta faɗi ba. Baba, Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Baba Mai Waya: Alhamdu lillahi. Amin. Tambaya ɗaya, da wace mita ya sake aunawa bayan gyaran? Ƙaramar ta hannu ko mega?

Sani: Ƙaramar ce Baba. Ya ce ba shi da ɗayar.

Baba Mai Waya: Ƙaramar da ɗan batirinta take aunawa, tana kama waya da ta taɓa ƙarfe sosai irin wannan, amma ba ta ganin roba da ta tsufa ko danshi da ya shiga. Mega na tura wuta 500 a cikin wayar, ita ke tona irin wannan. Layin da ke waje kamar na injin ruwa ya kamata a gwada shi da ita, a ga aƙalla megom ɗaya, lafiyayyen layi ma yana wuce haka nesa. In za a yi, a zare janareta da talabijin da caja da duk wani abu mai lantarkin zamani, tana ƙona su. Kuma ka sa a ɗaura maka mai 30mA a akwatin gida, don wutar layi ma ta samu mai gadi.

Injiniya Hauwa: Ni zan ƙara da cewa injin ruwan a ba shi makunni mai yanke waya biyu. Da haka yake, da kashe shi kaɗai ya nuna maka inda ciwon yake tun ranar farko. Sannan Malam Sani, janaretan an kafa masa sandar ƙasa tasa?

Sani: Ba shi da ita. Wayar at ɗin cikin kebul ce kawai ta haɗa shi da ta gida.

Injiniya Hauwa: Ni da zan so a kafa masa tasa kusa da shi.

Baba Mai Waya: Ni kuma ina ganin in sandar gidan lafiyayya ce, an auna ta, kuma wayar da ta haɗa su mai kauri ce ba ta da gaɓa, ta wadatar. Sanda ta biyu da ba a auna ba kwanciyar hankali ce kawai take bayarwa. A fara auna ta gidan tukuna.

Injiniya Hauwa: A auna ɗin na yarda, Baba. Amma kebul da ake zarewa ana mayarwa kullum ban cika sakin jiki da shi ba. Ranar da ƙafar at ta saki a filogi ba wanda zai sani.

Hajiya Rabi: Ni ma in ba da nawa rahoton. Mun bi yadda Injiniya ta ce, ɗaya bayan ɗaya, firizoji sun daina kayar da ita. Injin ruwan ne dai har yanzu. An canza kafasita, ya yi kwana biyu lafiya, yau da safe ya sake gunji sai da muka kashe. Da wutar layi kuwa yana tashi garau.

Injiniya Hauwa: Hajiya tsawon wayar da ke kai masa wuta nawa ne, kuma kaurinta fa? In doguwa ce siririya, wutar na ƙara zubewa a hanya kafin ta isa. A sa mita a bakin injin ruwan a lokacin da ake kunna shi da janareta, a faɗa min lambar da ta sauka zuwa. Firizojin a kashe suke da safen ko suna kunne?

Hajiya Rabi: Ɗaya na kunne. Wayar kuwa sai yarona ya dawo ya auna, zan turo.

Sani: Baba wani abu kuma. Daren jiya an yi ruwa sosai, wajen ƙarfe goma ta faɗi sau ɗaya, ba a kunna komai sabo ba. Na ɗaga ta ta tsaya har safe.

Baba Mai Waya: Wannan ba sukuru ba ne, danshi ne. Kana da fitilun waje a jikin katanga?

Sani: Akwai guda huɗu, ɗaya gilashinta ya tsage.

Baba Mai Waya: Ka sauke birekarsu, ka sa a cire nutural ɗinsu daga sanda a naɗe bakinsa, ka bar su haka har a sake yin ruwa. In ba ta faɗi ba ka san inda za a kai mega. In ta faɗi, mu koma kan akwatin injin ruwan, a duba ko ruwa na shiga ta inda kebul ya ratsa.